Gaisuwar Sallah da Bashin da Ke Bayanta

Jama'a masu saurare, na Tabla da Balleyara da Damana da Bonkuku, har zuwa Filinge da sauran ƙasar Kurfai, da kuma 'yan uwanmu da ke jin mu daga wajen ci-rani. Sharhinmu na yau a kan yafiyar ranar Sallah ne, musamman tsakanin 'yan uwan da suka yi faɗa suka daina magana.

Duk wanda ya taɓa yin Sallah a garuruwan nan da ke jere a kan hanyar Yamai zuwa Filinge ya san yadda abin yake. Da zarar liman ya sauko daga huɗuba, sai filin idi ya kaure da musafaha. Bahaushe na cewa barka da Sallah, a yafe mana, Bazabarme na cewa alhanan, Buzu da Bafulatani kowa na faɗin nasa da harshensa, amsar kuma ba ta canzawa: babu komai, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Cikin rabin sa'a mutum zai nemi gafarar mutum ɗari. Sai dai in ka lura da kyau, akwai mutum ɗaya da ya kauce wa. Ya hango shi a sahu na uku, ya bi ta gefen hagu, ya tsaya yana neman takalminsa har wancan ya wuce. Sau da yawa wannan mutumin da aka kauce wa, uba ɗaya ne ya haife su.

Abin da nake so in faɗa shi ne, gaisuwar Sallah tana da aikin da take yi, kuma tana da iyakar da ba ta wucewa. Tana buɗe bakin da ya rufe. Ba ta biyan bashi, ba ta mayar da saniya, ba ta gyara iyakar gona. Mafi yawan sulhun Sallah da muke gani yana wargajewa kafin a kai Sallah ta gaba, dalilinsa ke nan: an ɗora wa gaisuwa nauyin da ba nata ba, kowa ya tashi da fahimtarsa daban. Wanda ake bi ya tafi gida yana cewa ai an yafe, magana ta mutu. Wanda ke bi kuma ya tafi yana cewa yanzu da muka shirya, ai zai kawo mini abina.

Malamanmu sun daɗe da bambance waɗannan abubuwa biyu. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Ayyubal Ansari ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana uku, ya kuma nuna cewa wanda ya fara yin sallama shi ne mafifici a cikinsu. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda almajirai ke karantawa a zaurukan ƙasar nan, ya ƙara bayani: sallama tana fitar da mutum daga laifin gaba, amma bai kamata ya yi sallamar sannan ya ci gaba da ƙin magana ba. Wato sallama mataki ne na farko, ana jiran na biyu. A ɗaya ɓangaren kuma, malaman sun ce tubar da ta shafi haƙƙin mutum ba ta cika sai an mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa, ko shi da kansa ya bar shi da yardar ransa, yana sane da abin da yake bari. Wanda ya ce maka babu komai a filin idi, cikin turereniyar jama'a, al'ada ya cika. Da wuya a ce a wannan daƙiƙar ya tuna da jika ɗari da hamsin ɗinsa, ya auna, ya sallama.

Bari mu ɗauki misali, irin wanda duk mai gari a wannan yanki ya saurara ba sau ɗaya ba. Ba zan kama sunan kowa ba, don ba gida ɗaya nake nufi ba.

Wasu 'yan uba ne su biyu, uba ɗaya, uwa kowa da tasa. Mahaifinsu ya rasu, ba a raba gona ba, ana noma ta gandu. Babban yana gida yana riƙe da iyali. Ƙaramin yana zuwa Kwatano ci-rani bayan girbi, ya bar matarsa da 'ya'ya biyu a gidan. Wata shekara ya aiko da jika ɗari da hamsin, ya ce wa wansa ya je kasuwar Balleyara ranar Lahadi ya saya masa karsana, a haɗa ta da shanun da ake kiwo. Aka saya. Sai damina ta zo da gardama, hatsi bai kai ba, rumbu ya ƙare tun kafin a shiga wata daminar. Babban ya ja karsanar ya mayar da ita kasuwa, a lokacin da dabba ta rame, kowa ma sayarwa yake yi, ya karɓi jika ɗari da ashirin, ya sayo gero aka ci a gidan. Bai faɗa wa ƙaninsa ba, yana cewa sai ya dawo. Kafin ya dawo, wani ɗan garin da ya sauka Kwatano ya riga ya kai labari.

Ƙaramin ya iso gida da zafinsa. Maimakon ya sami wansa a ɗaki, sai ya tare shi a wajen wani suna, gaban mutane, ya kira shi maci amana. Babban, da kunya ta kama shi, ya mayar da martani da abin da ya fi muni: ya taɓo uwar ƙaramin, ya ce ai halin ɗakinsu ne rashin godiya. Daga ranar aka ja zana a tsakar gida, tukunya ta rabu biyu, matan suka daina gaisawa, aka hana yara shiga ɓangaren juna. Ƙaramin ya ce a raba gona.

Ku lura, jama'a, a nan ciwo uku ne, kuma ba magani ɗaya suke sha ba. Akwai kuɗin karsana. Akwai tozarcin da aka yi wa babba a gaban jama'a. Akwai zagin uwa. Gaisuwar Sallah za ta iya ɗauke biyu na ƙarshe, domin magana ce ta jawo su, magana kuma za ta iya wanke su. Na farkon kuwa sai an zauna da lissafi. Wanda ya je gaisuwa bai rarrabe waɗannan ba, zai dawo da sabon faɗa.

Aikin yana farawa ne tun kafin ranar Sallah. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya faɗo wa ɗan uwansa kwatsam, da sabuwar riga da murmushi, alhali wancan bai shirya zuciyarsa ba. In ya ɗaure fuska, ko ya tashi ya shige ɗaki, an ƙara wulaƙanci a kan wulaƙanci, kuma wanda ya zo ba zai sake zuwa ba. Don haka ake tura ɗan aike tun saura mako ɗaya ko kwana goma. A ganina mutum biyu ne suka fi dacewa. Ta farko gwaggo ce, ƙanwar mahaifinsu, domin su biyun 'ya'yan ɗan uwanta ne, ba ta cikin rikicin ɗakuna, kuma tana iya kiran kowannensu da sunansa na yarinta ta ce masa zauna nan. Na biyu taubashi ne, ɗan gwaggon ko ɗan kawu. Wasan taubasai, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun gado na duniya da sunan Nijar a 2014, yana ba shi lasisin faɗin abin da wani ba zai iya faɗa ba. Zai iya shiga gidan babban ya ce: "Kai ɓarawon saniya, an ce ka ƙoshi da geron Kwatano, ni ina rabona?" A yi dariya, amma magana ta fito fili. Wani in ya faɗi haka sai an zare sanda.

Ɗan aike ba alƙali ba ne, kuma bai kamata ya tsaya tantance mai gaskiya ba. Tambaya biyu yake ɗauke da su zuwa ga kowane ɓangare: me ya fi yi maka ciwo, kuma in ya zo za ka karɓe shi? Amsar tambayar farko takan ba da mamaki. Mutanen gari suna tsammanin ƙaramin kuɗinsa yake kuka, sai ka ji ya ce wa gwaggo: "Gwaggo, saniya ba komai ba ce, wata shekara zan sami wata. Uwata da ya zaga a gaban mutane, ita ce ba ta barina barci." Babban kuma ya ce: "Ni da na ciyar da matarsa da 'ya'yansa wata huɗu, ni ne maci amana?" Da wannan kowa ya san abin da zai nemi gafara a kansa. Ba tare da wannan ba, mutum zai je ya yi ta ba da haƙuri a kan abin da bai dami wancan ba, ya bar ainihin ciwon.

To wa zai taka zuwa wajen wani? A al'adarmu ƙarami ke zuwa gaida babba, kuma wannan shi ne babban amfanin ranar Sallah. A sauran ranakun shekara, in ƙaramin ya ɗauki ƙafa ya je, gari zai ce ya sauko, ya amsa laifi. Ranar Sallah kuwa kowane ƙarami yana zuwa gidan kowane babba, ba wanda zai karanta zuwansa a matsayin faɗuwa. Al'ada ta rufa masa asiri. Har sunnar nan ta tafiya idi ta wata hanya a komo ta wata tana taimakawa, domin mutum yana da hujjar bi ta ƙofar gidan da ya yi shekara yana kewaye wa.

Amma a nan ina da ja da wasu manya. Akwai babban da ke ɗaukar zuwan ƙaninsa a matsayin nasara. Yana kishingiɗe a tabarma, ƙanin ya durƙusa, shi kuwa ya miƙa masa yatsu biyu, idonsa na kan rediyo ko kan wayarsa, ya ce to, madalla, Allah Ya kyauta gaba. Wannan bai karɓi gaisuwa ba, haraji ya karɓa. Zuwa na ƙarami ne, amma tarba ta babba ce, kuma a nan ne rabonsa na sulhun yake. Ya tashi zaune sosai, ya matsa masa wuri a tabarma ɗaya, ya kira uwargida ta kawo ruwa ko fura da hannunta, don ita ma ta shiga cikin shirin. Mafi muhimmanci, ya faɗi nasa laifin da bakinsa. Girma ba ya ɗauke wa mutum wannan.

Sai lokaci. Filin idi wurin musafaha ne kawai. A miƙa hannu, a haɗa ido, a wuce, wannan ya isa ya sanar da cewa ƙofa a buɗe take. Safiyar Sallar Layya kuma ba ta da sararin magana. Kun san yadda take a nan yammacin ƙasar: ana jiran liman ya yanka, sannan kowa ya yanka nasa, a feɗe, a tsire ragon a kan sanduna biyu da aka gicciya, a jera su kewaye da wutar itace, maza na juya su suna gyara wuta har yamma, mata na can suna soya kayan ciki. Mutumin da hayaƙi ke shiga idonsa, wuƙa a hannu, yara na kai da komowa, ba a tsayar da shi a yi masa maganar shekara guda. Washegari ake yanyanka naman a rarraba, kuma wannan rana ta biyu ita ce ta fi dacewa. A ƙaramar Sallah kuwa, bayan la'asar, in baƙi sun ragu.

Rabon naman kansa saƙo ne, kuma mutane sun iya karanta shi. Gidan da aka yi gaba, in yaro ya shigo da kwano a rufe, uwargida ta buɗe ta ga cinya ko kafaɗa mai tsoka, ta san da niyya aka aiko. In ta ga haƙarƙari biyu da kitse, ta san fita haƙƙi ne kawai. Haka nan dawowar kwanon: ya dawo da nasu naman a ciki ko da goro, an amsa. Ya dawo wayam, an karɓa amma da sauran magana. In kuwa aka ce wa yaro mayar musu, to kada a taka a wannan Sallar, a koma wajen gwaggo. Shawarata ga ƙaramin ita ce ya tura kwanon da safe ta hannun ɗansa, ya ga yadda zai dawo, sannan shi ya bi baya da yamma.

Yanzu ga shi ya shiga, sun gaisa, an tambayi iyali da gajiyar Sallah. Me zai ce? Akwai jimlar da ta zama ruwan dare, wadda ni ban ga amfaninta ba a irin wannan wuri: in na yi maka laifi ka yafe mini. Wannan ta filin idi ce, ta wanda ba ka san ko ka taka shi ba. Wanda kuka yi wata goma ba ku magana, in ka ce masa in na yi maka laifi, abin da zai ji shi ne har yanzu ba ka yarda ka yi ba. Abin da ke aiki gajere ne, kuma yana kama sunan laifin: "Yaya, maganar da na faɗa maka ranar suna a gaban mutane, bai kamata ba. Ka yafe mini." Ya yi shiru daga nan. Kada ya ƙara amma. Da zarar ya ce amma kai ma ka san abin da ka yi, an koma ranar suna.

Shirun da ke biyo baya yana da nauyi, kuma a cikinsa ake gane ko ɗan aike ya yi aikinsa. Babban da aka shirya zai ce: "Na yafe. Ni ma abin da na faɗa a kan Inna, bakina ne ya kuɓuce, ita ma uwata ce. Kuma da na faɗa maka tun ranar da na sayar." In tsohuwar tana da rai, bai gama ba sai ya tashi ya je ɗakinta ya durƙusa, domin ita aka zaga, kuma ɗanta ba shi da ikon yafewa a madadinta. Wannan mataki ne da ake yawan tsallakewa, sai ka ga maza sun shirya, tsohuwa na ɗaki tana hura wutar a hankali, kuma ba za ka ga laifinta ba.

Maganar karsana fa? Ba a yin lissafi ranar Sallah, amma ba a kuma tashi ba a ambace ta ba. Jimla ɗaya ta isa, kuma ya fi kyau ta fito daga bakin wanda ake bi: "Maganar saniya, mu zauna ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko, gaban kawu." An sa rana, an sa shaida. In ba a yi haka ba, kunya za ta hana ƙaramin tayar da zancen, tunda an ce an yafe, abin ya kwanta masa a rai, sai ranar da akuya ta shiga gonar wani ko yara suka yi faɗa, sai saniya ta tashi daga kabari.

A wannan zaman ne ake samun gardamar gaske, domin kuɗin karsanar kashi uku ne, kowa da wanda yake riƙe da shi. Ƙaramin zai ce jika ɗari da hamsin na aiko, kuma da an bar ta da yanzu ta haihu. Babban zai ce jika ɗari da ashirin na karɓa, kuma gero aka saya, ba riga na ɗinka ba. Dattawa masu hankali sukan fara cire maganar da ta haihu, don ba a bin mutum bashin ɗan maraƙin da ba a haifa ba, kuma a irin wannan shekarar ba wanda ya san ko da ta kai damina. Sannan su duba wa ya ci geron. In bakin da ke gidan goma sha biyu ne, uku na ƙaramin ne, to kashi ɗaya cikin huɗu na geron iyalinsa ne suka ci, wato na jika talatin. Saura casa'in a kan babban. Asarar jika talatin da aka yi tsakanin saye da sayarwa kuwa, wasu dattawan za su ɗora wa babban saboda ya sayar ba da izini ba, wasu za su roƙi ƙaramin ya bar ta saboda yunwa ce ta tilasta. Ko wanne aka zaɓa, a faɗe shi a fili. Sai a tsayar da yadda za a biya: bayan girbi, da kuɗi, ko da damman gero a farashin kaka, ko da ɗan maraƙi. In ƙaramin, bayan ya ji adadin da kunnensa, ya ce na bar maka, to wannan ita ce yafiyar da ke da ƙarfi, domin ya san abin da ya bari.

Akwai dalilin da ya sa nake matsa wa maganar sa rana a waɗannan shekaru. Watannin Musulunci suna ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2025 ƙaramar Sallah ta zo a ƙarshen Maris, Layya kuma a makon farko na Yuni, wato dab da shuka, daidai lokacin da 'yan ci-rani ke dawowa gida. Tsakanin Sallolin biyu wata biyu ne da kwana goma. Gidan da rikicinsa ya taɓa gona yana da wannan tazarar: a buɗe baki a ƙaramar Sallah, ko ta waya ce, a zauna a tsakani, kafin Layya an san ko gandu za a ci gaba da shi ko rabawa za a yi. In rabawar ce, a yi ta ƙasa na bushe, a taka iyaka tare da maƙwabtan gona, a dasa gamba ko a sa alama, a je wajen mai gari. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, kuma sarakunan gargajiya suna da hurumin sasanta rikicin gona a rubuta takardar sulhu. Wanda ya bari sai ruwan farko ya sauka, zai tarar da ɗan uwansa ya riga ya shuka wurin da ake gardama a kai, daga nan kuma maganar ta fi ƙarfin gwaggo.

Ga waɗanda ke nesa, da waɗanda matsalar tsaro ta hana su zirga-zirga, tun ma lokacin da aka hana hawan babur a sassan jihar Tilaberi a farkon 2020, waya ta zama ƙafa. Ba laifi, amma waya iri biyu ce. Hoton rago da addu'ar da aka tura wa mutum hamsin lokaci ɗaya, in ya faɗa wayar wanda kuke gaba da shi, ya san ba shi ka nufa ba. Ka kira shi, ka ambaci sunansa ko ka ce Yaya, ka faɗi jimlar nan guda. In bai ɗauka ba, ka bar saƙon murya na kai da shi, gajere, kada ka saka shi a zauren dangi inda kowa zai saurara yana jiran amsarsa. Kuma kada ka aika kuɗin barka da Sallah kafin magana ta shiga tsakani, don mai fushi yakan ɗauka sayen bakinsa ake so a yi.

Ba kowace gaisuwa ce ke karɓuwa ba, wannan ma a faɗe shi. Wani za ka je ya amsa sallama da ƙyar, ya bar ka zaune. Ka sauke nauyin da ke kanka na gaba, kada ka tsaya jayayya, kada kuma ka fita kana ba gari labarin yadda ya yi maka, don hakan ya rufe ƙofar Sallah mai zuwa. Inda kuma aka karɓa, ba ranar ake gane ko shirin ya kama ba. A jira mako biyu. A duba ko matan sun koma aron turmi da rariya, ko yara suna cin abinci a ɓangaren juna ba a kira su da tsawa ba, ko babban ya aiko a kira ƙaninsa shawara a kan wani abu da bai shafi rikicin ba. In maza na gaisawa a masallaci amma zanan tsakar gida na nan, matan kuma ba wanda ya tambaye su abin da aka faɗa musu a lokacin faɗan, to aikin bai kai rabi ba.

Akwai yafiya guda da nake roƙon dattawa su daina karɓa ranar Sallah, ita ce ta 'ya mace a kan gadonta. Abin yakan faru haka: ta yi aure a Damana ko Bonkuku, ta nemi rabonta na gonar uba, wanda shari'a ta ba ta rabin na namiji, 'yan uwanta maza suka ji haushi, aka yi shekara ba a leƙa ta ba. Sai ta zo gida da Sallah, a tara ta gaban iyaye da kawunnai, a ce yau ranar yafiya ce, ki bar wa 'yan uwanki, ai gidan nan naki ne duk ranar da kika dawo. Ta sunkuyar da kai ta ce na bari. Ta faɗa ne don ta san in aure ya ƙi, nan za ta dawo, kuma ba ta son ta dawo gidan da ake fushi da ita. A karɓi gaisuwarta, a ba ta namanta da kayan Sallarta, a nemi gafararta a kan shekarar da aka yi ba a je ba. Maganar gonar kuma a sa mata rana daban kamar yadda aka sa wa karsana, a auna rabonta, a nuna mata iyakarsa da ido gaban malami da shaidu. In bayan haka ta ga dama ta ba ɗan uwanta aro ya noma yana kai mata dami bayan girbi, ko ta ba shi kyauta, sai a rubuta abin da ta zaɓa, a ba ta kwafin takardar ta tafi da shi gidanta.